Yadda ake tattara madogarar gabatarwa mai shafuka da yawa zuwa manazarta guda

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne muka haɗa gabatarwa ta PowerPoint mai shafi 58 a kan ruwan sha, kowa da ɓangarensa, yanzu kuma an ɗora mini fitar da manazarta guda a ƙarshe. Wani ya rubuta WHO 2023, wani UNICEF kawai, wani JMP, wani adireshin intanet ya liƙa. Alƙaluman ma ba su dace ba: shafi na 4 ya ce mutum biliyan 2.2 ba su da tsaftataccen ruwa, na 17 ya ce biliyan 2, na 31 ya ce miliyan 703, na 40 ya sake cewa biliyan 2.2, wai mutum ɗaya cikin uku. Wasu hotunan babu ko alamar inda aka samo su. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki fara da shafin ƙarshe, kuma kada ki fara da zaɓen salon rubuta manazarta. Waɗannan biyun su ne ƙarshen aikin, su ne kuma mafi sauƙi a cikinsa.

Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su bi shafuka ɗaya bayan ɗaya, duk inda suka ga ɗan rubutun madogara a ƙasa su kwafe shi, su jera, su goge wanda ya maimaitu, su daidaita waƙafi da aya. Jerin da ya fito zai yi kyan gani, amma aibu biyu na nan kwance a cikinsa. Duk alƙalumman da mai shafin bai sa musu madogara ba tun farko, wannan hanyar ba za ta taɓa nuna miki su ba, domin abin da aka rubuta kaɗai kike tarawa. Sannan ba za ki san ko "WHO 2023" da "JMP" rahoto ɗaya ne ko biyu ba, tunda suna kike kwatantawa da suna. A aikina na gyaran rahotanni da gabatarwa, wurin da aka fi jin kunya a gaban jama'a shi ne lokacin da wani ya ɗaga hannu ya ce wannan adadin daga ina, aka juya shafin manazarta, aka rasa wanne daga cikin jerin ne ya faɗe shi. Don haka abin da za ki tara shi ne iƙirari, wato kowace magana da mai sauraro zai iya cewa "wa ya faɗa?" Manazartar daga baya za ta fito da kanta daga cikin wannan tarin.

Jadawalin iƙirari

Buɗe Excel ko Google Sheets. Kowane iƙirari layi ɗaya: adadi, kaso cikin ɗari, maganar wani da aka ɗauko, zanen ƙididdiga, taswira, hoto. Idan shafi ɗaya yana da adadi uku, layi uku ke nan. Ginshiƙan da nake amfani da su bakwai ne: lambar shafi, iƙirarin kamar yadda aka rubuta shi harafi da harafi, madogarar kamar yadda mai shafin ya rubuta ta, shekarar da adadin ke magana a kai, lambar da kika ba madogarar, shafin rahoto ko jadawalin da adadin yake ciki, sai matsayi, wato an tabbatar, ko ana jira, ko an rasa.

Ginshiƙi biyu nake so ki kula da su sosai. Na madogara kamar yadda aka rubuta, kada ki gyara komai a cikinsa, ko da kuskuren rubutu ne. Shi za ki riƙa sa wa a Ctrl+F daga baya don ki koma wurin, kuma shi ne shaidarki idan kin je tambayar mai shafin. Na shekarar adadi kuwa, shi ne zai warware miki rikicin da kika kawo. Shekarar da aka buga rahoto daban take da shekarar da alƙalumansa ke magana a kai, kuma masu haɗa shafuka suna cakuɗa su kullum.

Wurin tarawa, ki sani rubutu yana ɓuya a gabatarwa. Outline View na PowerPoint yana nuna take da rubutun da ke cikin gurbin da aka tanada ne kawai. Ƙananan akwatunan rubutu da mutum ya zana da hannunsa ba sa fitowa a can, kuma a irinsu ake yawan rubuta madogara. Saboda haka kada ki dogara da shi. Ki duba bayanan mai jawabi da ke ƙarƙashin kowane shafi, domin mutane da yawa a nan suke ajiye adireshin da suka samo abu. Ki duba shafukan da aka ɓoye. Ki ɗora linzami a kan kalmomin da aka ja wa layi, adireshin da ke bayansu ba lalle ne ya zama abin da kalmar ta nuna ba. Zanen ƙididdigar da aka yi a cikin PowerPoint, danna dama a kansa ki zaɓi Edit Data, sau da yawa za ki tarar da sunan fayil ko shekara a saman teburin da ke ciki. Wanda aka ɗauko hotonsa aka liƙa kuwa, Ctrl+F ba ya ganin rubutun da ke jikinsa, sai kin faɗaɗa shi kin karanta da ido.

Shafi 58 ana iya binsa da hannu a zama ɗaya, kuma na fi son hakan, domin ido ne ke gane adadin da ba shi da madogara. Amma idan a cikinku akwai mai amfani da Python, wannan zai fitar da rubutu da bayanan mai jawabi tare da lambar shafi, ta hanyar python-pptx:

```python
from pptx import Presentation
p = Presentation("gabatarwa.pptx")
for n, s in enumerate(p.slides, 1):
    for sh in s.shapes:
        if sh.has_text_frame:
            print(n, sh.text_frame.text)
    if s.has_notes_slide:
        print(n, s.notes_slide.notes_text_frame.text)
```

A yadda yake ɗin nan ba ya shiga cikin tebur, ko abubuwan da aka ɗaure wuri ɗaya, ko SmartArt, ko hoto. Taimako ne wurin kwafa, bai maye gurbin dubawa ba.

Alƙalumanki huɗu

Sunayen da abokan aikinki suka rubuta duk abu ɗaya suke nufi. JMP shiri ne na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, wanda ke bibiyar samun ruwan sha da tsaftar muhalli a duniya. Kowa ya ɗauki sunan da ya fara gani a shafin da ya buɗe. To amma kasancewar mawallafi ɗaya ne bai sa ya zama rahoto ɗaya ba, kuma a nan ne masu goge maimaici da sauri suke yin ɓarna.

Rahoton da shirin ya fitar a 2019 ya ƙare ne a alƙaluman 2017, ya ce mutum biliyan 2.2 ba su da ruwan sha da ya cika sharuɗɗan aminci, miliyan 785 kuma ba su da ko matakin farko na samun ruwa. Na 2021 ya ƙare a 2020, ya ce biliyan 2 da miliyan 771. Na 2023 ya ƙare a 2022, ya ce biliyan 2.2 da miliyan 703.

Yanzu ɗora shafukanki a kan wannan. Biliyan 2 na shafi na 17 daga rahoton 2021 yake, kuma yana magana ne a kan 2020. Miliyan 703 na shafi na 31 daga na 2023 yake. Biliyan 2.2 kuwa ya fito a rahoto biyu mabambanta, adadi ɗaya, amma shekara biyar tsakanin shekarun da suke magana a kai. Abin da zai raba miki su shi ne maganar da ke kusa da adadin. A 2017 biliyan 2.2 ya kai kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen duniya, shi ya sa sanarwar da ta raka rahoton 2019 ta ce mutum ɗaya cikin uku. A 2022, shekarar da al'ummar duniya ta kai biliyan 8, wannan adadin kusan kashi 27 ne, aka ce ɗaya cikin huɗu. Shafinki na 40 da ya ce ɗaya cikin uku, alama ta nuna daga na 2019 aka ɗauko shi, ko daga wani labarin jarida da ya ɗauko daga can. Shafi na 4, idan shi ne aka rubuta wa WHO 2023, to na 2023 ne. Duk da haka alama ba hujja ba ce. Buɗe rahoton, nemi adadin, rubuta lambar shafinsa a jadawali, sannan ki sa "an tabbatar".

Da kin bi hanyar kwafe sunaye, ɗayan biyu ne zai faru. Ko ki fitar da madogara huɗu saboda suna huɗu, ko ki narkar da su zuwa ɗaya saboda kin gano duk JMP ne. Gaskiyar kuwa uku ce: 2019, 2021, 2023.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, kuma ba aikin waƙafi ba ne. Wanda ya ga biliyan 2.2, sai biliyan 2, sai kuma biliyan 2.2, zai ɗauka an samu ci gaba sannan aka koma baya. Ba a karanta waɗannan rahotanni haka. Duk lokacin da shirin ya fitar da sabon rahoto, yakan sake lissafa shekarun baya gaba ɗaya da sababbin bayanan da ƙasashe suka kawo, sabon kiyasi ya maye gurbin tsoho. Idan ana son nuna yadda abu ya canza daga shekara zuwa shekara, daga bugu ɗaya ake ɗauko dukkan shekarun. Shawarata ita ce ki koma wurin abokan aikinki ku tsayar da bugu ɗaya, mafi sabo da kuke da shi a hannu, ku mayar da shafi na 17 da na 40 kansa. Idan kun yi haka madogara uku ta koma ɗaya, kuma ta koma ɗaya ne da gaskiya, domin alƙaluman sun canza tare da ita. Kada ki canza shekarar da ke ƙasan shafi ki bar tsohon adadi a sama. Wannan shi ne mafi munin gyara, domin ya jingina wa rahoto maganar da bai yi ba, kuma a ido komai ya zauna daidai.

Miliyan 703 shi kuma ba saɓani ba ne, ma'auni ne daban. Matakin sama, wato na biliyan 2.2 ɗin, yana nufin ruwa daga ingantaccen tushe, wanda yake cikin gida ko harabarsa, ana samunsa lokacin da ake buƙata, kuma babu gurɓata a cikinsa. Matakin farko yana nufin ingantaccen tushe da zuwa da dawowa, har da jiran layi, bai wuce minti 30 ba. Mutum miliyan 703 ɗin suna cikin biliyan 2.2, ba a tara su a kai. Idan shafi na 4 da na 31 duk sun ce "tsaftataccen ruwa", to kalmomin shafin ne ke buƙatar gyara. Irin wannan ba ya fitowa sai an jera iƙirari kusa da iƙirari, shi ya sa nake cewa da zarar kin gama cika jadawali, ki jera shi bisa madogara maimakon lambar shafi, ki karanta layukan kowace madogara tare.

Rajistar madogara

A shafi na biyu na wannan fayil ɗin na Excel, ki buɗe rajista: kowace madogara layi ɗaya, da lamba ta dindindin, M01, M02, haka. Lambar nan ta aiki ce, mai sauraro ba zai gan ta ba, kuma ba ta canzawa ko an juya shafuka.

Kafin ki ce abu biyu ɗaya ne, ki kwatanta abin da ba ya sauyawa. Maƙalar mujalla tana da DOI, lambar da ke farawa da 10., littafi yana da ISBN, rahoto yana da cikakken take da shekarar bugu. Adireshin intanet ba ma'auni ba ne, domin rahoto ɗaya yana iya zama a shafin WHO da na UNICEF da na shirin kansa, kowanne da adireshinsa. Haka kuma adireshi ɗaya na rumbun bayanai yana iya nuna adadi daban bana da na bara, saboda ana sabunta shi. Irin wannan ki rubuta ranar da aka ɗauko bayanin, ki ajiye kwafin fayil ɗin da aka sauke.

Wurin sunan mawallafi, rahotannin manyan hukumomi galibi suna rubuta yadda suke so a ambace su a shafin haƙƙin mallaka, bayan bango. Bi wannan. A rahotannin da muke magana a kai, na 2021 ya fara da WHO, na 2019 da na 2023 sun fara da UNICEF. Idan kun riƙe fiye da ɗaya, za su rabu a jerin abacada, ɗaya a harafin U ɗaya a W. Ba kuskure ba ne. Abin da ake buƙata shi ne gajeren sunan da ke ƙasan shafi ya fara da kalmar da cikakken bayanin ya fara da ita a manazarta. Idan shafi ya ce JMP, mai nema zai je harafin J, ya dawo hannu rabbana.

Duk inda adireshin da aka liƙa ya kai ki labarin jarida ko shafin wata ƙungiya, ki bi sawu har asalin rahoton, shi za ki saka. Idan kin yi iya ƙoƙarinki ba ki samu asalin ba, ki ambaci abin da kuka karanta da gaske, ki nuna cewa shi ma ruwaitowa ya yi. Salon rubuta manazarta na APA yana yin haka da "as cited in", kuma wanda aka karanta ɗin ne kaɗai ke shiga manazarta. Saka sunan takardar da babu wanda ya buɗe a cikinku rashin gaskiya ne, ko da kowa na yi.

Sai a nan manhaja ta shigo. Zotero, manhajar tara madogara, kyauta ce. Ki liƙa DOI ko ISBN a Add Item(s) by Identifier ta cika bayanan da kanta, rahotannin hukumomi kuwa yawanci sai kin cika da hannu. Ki lura da sunan hukuma: a sa shi a gurbi ɗaya, in ba haka ba za ta ɗauke shi sunan mutum ta juya shi, kalmar ƙarshe ta dawo gaba. Duplicate Items yana nuna waɗanda take zaton sun maimaitu, amma ki duba kafin ki haɗe, domin rahotannin da takensu ya kusa zama ɗaya suna iya ruɗa ta. Idan kin gama, zaɓi duka, danna dama, Create Bibliography from Items, zaɓi salo, ki liƙa a shafin ƙarshe. Ki riƙe a ranki cewa haɗin Zotero da Word da LibreOffice da Google Docs yake, inda manazarta ke sabunta kanta. A PowerPoint abin da kika liƙa rubutu ne kawai, ba ya bin wani canji.

Lamba ko suna da shekara

Wannan gaskiyar ta ƙarshe ita ce ke yanke hukunci a kan salo. Salon lamba, irin IEEE da Vancouver, yana ba madogara lamba bisa wurin da ta fara bayyana. A takardar Word manhaja ce ke kula da hakan. A gabatarwa kuwa, ranar da wani ya ja shafi na 31 ya mayar da shi na 3, lambobin sun rikice, babu abin da zai sanar da ke. Kuma shafin gabatarwa yana tafiya shi kaɗai: a ɗauki hotonsa a waya, a cire shi a sa a wata gabatarwar. Shafin da ke ɗauke da [7] ya rabu da jerinsa, ya zama marar madogara. Wanda ke ɗauke da suna da shekara kuwa har yanzu ana iya bin sawunsa.

Don haka ga gabatarwar mutum huɗu, na fi son suna da shekara a ƙasan kowane shafi, a wuri ɗaya, da girman rubutu ɗaya, sannan manazarta a jere bisa abacada. Idan kin ɗauki APA bugu na 7, ƙa'idoji kaɗan ne za ki ci karo da su kullum. Marubuta uku ko fiye, a shafi sunan na farko ne da et al. tun daga ambaton farko. Mawallafi ɗaya mai aiki biyu a shekara ɗaya, a ƙara harafi, 2023a da 2023b, kuma jerin taken ayyukan a manazarta ne ke raba haruffan, ba wanda ya fara fitowa a gabatarwa ba. Abin da ba shi da shekara, n.d. ake sawa, ba shekarar da aka buɗe shafin ba. Ga adadin da ke da muhimmanci, ki ƙara lambar shafin rahoton, ki kuma sa shekarar adadin a cikin jimlar kanta: a 2022 mutum biliyan 2.2, sannan a ƙasa sunan mawallafi da 2023. Mai karatu ya ga shekarun biyu, kowace a muhallinta.

Idan taron da za ku je ko ma'aikatarku ta wajabta salon lamba, babu laifi, ki bi. Sai dai ki bar M01 da 'yan'uwanta a shafukan har sai kowa ya amince ba za a ƙara taɓa jerin shafuka ba, sannan ki musanya su da Replace. Lambobin masu tsawo ɗaya, M01 maimakon M1, su ne ke hana musanya M1 ta taɓa M12.

Hotuna, lissafinku, da abin da aka rasa asalinsa

Zanen ƙididdiga iri uku ne, kuma ya kamata rubutun ƙasansa ya faɗi wanne ne. Akwai wanda aka ɗauko yadda yake, akwai wanda aka ɗauko aka yi wa gyara, akwai wanda kuka zana da kanku daga alƙaluman wani. Ki tsayar da lafazi uku, misali "An ɗauko daga", "An gyara daga", "Mun zana daga bayanan", kada ki ƙara na huɗu. Haka adadin da kuka fitar da kanku. Idan wani a cikinku ya raba biliyan 2.2 da yawan mutanen duniya ya samu kaso, wannan lissafinku ne, a rubuta hakan, a ambaci madogarar lambobin biyu.

Hoton ado yana da tambaya ta daban, wato izini. Ambaton mai hoto ba shi ne samun izininsa ba. Ga waɗanda ba su da alama, ki fara tambayar wanda ya sa su, in bai tuna ba ki neme su da Google Lens ko TinEye. Idan lasisin Creative Commons ne, ana rubuta take, mai hoto, inda aka samo, da nau'in lasisin. Na fi son ware hotuna a ɗan jeri nasu bayan manazarta, domin ba hujjar wata magana ba ne. Hoton da aka kasa gano mai shi, a cire shi a sa wani.

Bayanan cikin gida da maganar da wani masani ya faɗa muku baki da baki, mai karatu ba zai iya nemo su ba. APA tana ambaton irin wannan maganar a wurin da ta fito kawai, da suna da kwanan wata, ba ta sa ta a manazarta, kuma ki nemi yardar mai maganar kafin sunansa ya hau allo. Adadin da aka yi nema aka rasa tushensa, ki tura wa mai shafin layinsa na jadawali da ranar da kike jiran amsa. In ranar ta wuce babu amsa, adadin ya fita. Na san yana da wuya a gaya wa abokin aiki haka, musamman idan ya girme ki, amma jadawalin ne zai yi miki magana, tunda ƙa'ida ɗaya aka bi da layukan kowa.

Binciken ƙarshe

Ta fuska biyu ake yinsa. Kowace madogara da ke rajista dole wani iƙirari ya kira ta. Idan shafin jadawalin sunansa Ikirari, lambobin madogara suna ginshiƙin E, a rajista kuma suna ginshiƙin A, wannan zai ƙirga miki:

```
=COUNTIF(Ikirari!E:E, A2)
```

Duk wadda ta ba da sifili, shafin da ya kira ta an goge shi ko an sauya adadin, sai ta fita. A misalinki, idan kun koma bugu ɗaya, rahoton 2019 da na 2021 a nan za su faɗo. Don ƙirgar ta yi daidai, iƙirarin da ke da madogara biyu ki ba shi layi biyu, kada ki cusa lamba biyu a gida ɗaya. Ta ɗaya fuskar, ki tace ginshiƙin E ki ga ko akwai gidan da babu komai. Bayan haka ki mayar da gabatarwar PDF, ki danna kowane adireshi, domin dogon adireshi yakan karye idan ya tsallaka layi.

Manazartar kada ki matse ta a shafi ɗaya da rubutun da ba ya karantuwa. Ta ci shafi biyu ko uku, ba karanta ta za a yi a taron ba, mai nema ne zai zo mata daga baya. Idan bayanan mai jawabi ko ɓoyayyun shafuka ba za su je wa jama'a ba, madogararsu ba ta shiga.

Wannan tsarin yana tabbatar da cewa kowane adadi yana wurin da kuka ce yake. Ba ya tabbatar da cewa madogarar ingantacciya ce, ko cewa ta dace da maganar da kuke son kafawa, wannan hukuncin masu ilimin fannin ne a cikinku. Kuma ba ya bin gyaran da aka yi bayan kin rufe fayil. Saboda haka ki ajiye jadawalin wuri ɗaya da gabatarwar, ku yi yarjejeniya cewa duk wanda ya taɓa adadi a shafi zai gyara layinsa a jadawali a lokacin, sannan ki sake yin ƙirgar nan a kan kwafin da za a gabatar, bayan gyara na ƙarshe.